Manhajar da ba ta taɓa yin kuskure ba, ita ce abar shakka

Duk wanda ke harkar kasuwa a Legas, Ibadan, Onitsha ko Fatakwal ya san yadda tallan manhajojin hasashe ya yi yawa a 'yan shekarun nan. Wannan ya ce tasa tana faɗin inda farashin dala zai nufa, wancan ya ce tasa tana gane wanda zai biya bashi da wanda zai gudu, wani kuma ya ce tasa ta san sakamakon wasan ƙwallo tun kafin a take leda. Kusan dukkansu da magana ɗaya suke rufe baki: “Mun gwada ta da bayanan shekarun baya, ta ci kashi 99 cikin 100.” To wannan adadin da ake nuna maka don hankalinka ya kwanta, shi ne ya kamata ya sa ka gyara zama ka fara tambaya.

Masana koyar da na'ura suna da suna ga cutar da ke haifar da irin wannan sakamako. Suna ce mata obafitin, wato dacewar da ta wuce kima. Ni dai a Hausa na fi ganin a kira ta haddar aku. Aku zai maimaita maka duk abin da ya ji, harafi ba ya faɗuwa, amma ka yi masa tambayar da bai taɓa ji ba ka ga ikon Allah.

Da farko, yaya ake koyar da na'ura? Ba dokoki ake rubuta mata ɗaya bayan ɗaya ba. Misalai ake tara mata na abin da ya riga ya faru, kowanne da amsarsa, sai ita ta yi ta lalube har ta samo ƙa'idar da ke haɗa tambaya da amsa. Waɗannan misalai su ake kira bayanan horo. A cikin na'urar akwai wasu lambobi da take juyawa kamar maɓallan rediyo, ta ƙara wannan ta rage wancan, har sai amsoshinta sun yi kusa da na gaskiya. Matsalar ita ce duk wani bayani na duniya tsaba ce haɗe da ƙaiƙayi. Tsabar ita ce dalilin gaskiya da zai sake aiki gobe. Ƙaiƙayin kuwa shi ne abin da ya faru a ranar kawai bisa tsautsayi. Na'ura ba ta da hankalin bambance su, abin da aka umarce ta kawai shi ne ta rage kuskure. Idan aka ba ta maɓallai da yawa, sai ta haddace har da ƙaiƙayin.

Bari mu yi lissafi da kwandon tumatir, tunda abu ne da mutanenmu na Mile 12 suka sani ciki da bai. Alƙaluman nan na misali ne kawai, ni na tsara su don a ga yadda abin ke aiki, kada wani ya ɗauke su farashin kasuwa. Mu ɗauka wani dillali ya rubuta abin da ya gani a kwana biyar. Ranar da mota 10 ta shigo, kwando ya kai naira dubu 62. Ranar mota 20, dubu 48. Ranar mota 30, dubu 45. Ranar mota 40, dubu 31. Ranar mota 50, dubu 24.

Sai ya ba yara biyu masu ilimin kwamfuta, ya ce kowa ya haɗa masa abin da zai riƙa faɗa masa farashi idan ya san yawan motocin da ke tafe. Na farko ya yi amfani da ƙa'ida mai maɓalli biyu kacal, wato miƙaƙƙen layi. Abin da ya fito masa shi ne: ka fara daga naira 69,900, sannan duk mota ɗaya da ta shigo ka cire naira 930. Idan ka gwada wannan da kwanakin biyar, ba ko ɗaya da ya faɗa daidai. A ranar mota 10 ya ce 60,600 alhali 62,000 ne. A ranar mota 20 ya ce 51,300 alhali 48,000 ne, kuskuren ya haura dubu uku. A ranar mota 30 ya ce 42,000 alhali 45,000 ne. Haka dai, kullum kusa amma ba daidai ba.

Na biyu ya yi dariya, ya kawo ƙa'ida mai maɓalli biyar, layi mai lanƙwasa da ke iya karkata sama da ƙasa. Nasa ya faɗi 62, 48, 45, 31, 24, babu kuskuren ko kwabo. Kashi 100 cikin 100. Idan kai ne dillalin, wa za ka biya? Ai kowa na biyun zai nuna.

To ga ranar da kaya suka yi yawa, mota 60 ta shigo. Ƙa'idar yaron farko ta ce kwando zai sauka zuwa 14,100. Ta yaron na biyu ta ce naira dubu 82, wato tsadar da ta fi ta ranar da mota goma kawai ta zo. Idan ka tambaye ta mota 70, sai ta ce dubu 303. Ko yaron da ke dakon kwando ya san wannan shirme ne, kaya ba sa cika kasuwa farashi ya tashi sama. Kuma ba wai yaron ya yi kuskuren lissafi ba ne, duk wanda ya ja layi mai maɓalli biyar irin nasa ta kan waɗannan ɗigo biyar, wannan amsar zai samu.

Me ya faru? Wataƙila ranar mota 20 ruwan sama ya taɓa kayan, shi ya sa farashi ya faɗi fiye da yadda ya kamata. Wataƙila ranar mota 30 ana shirin biki, masu saye sun yi yawa. Layin farko bai iya bin waɗannan ƙananan hawa da sauka ba, sai ya kama babban abin kawai: mota ta ƙaru, farashi ya ragu. Layi na biyu kuwa ya lanƙwashe ya bi ruwan saman, ya lanƙwashe ya bi bikin, ya ɗauke su a matsayin doka. Da ya fita daga kwanakin da ya sani, sai lanƙwasar ta kwashe shi zuwa inda ba hanya. Abin lura a nan shi ne, cin kashi 100 ɗin da ya yi ba ya nuna komai, domin a lissafi, maɓalli biyar kan ɗigo biyar dole ne su dace, ko da lambobin daga takardar caca aka kwaso su. (Shi ma layin farko ba waliyyi ba ne. A mota 70 zai ce 4,800, gaba kaɗan ma ya ce a ba da kwando kyauta har da ƙari. Amma kuskurensa a hankali yake girma, kana ganin zuwansa.)

Kada a ɗauka wannan matsalar yara ce masu koyo. Ta kama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya, kuma labarin ya zama abin da ake koyarwa a jami'o'i.

A watan Nuwamban 2008 kamfanin Google ya fito da wani shiri mai suna Google Flu Trends. Manufarsa ita ce gano yadda mura mai tsanani ke yaɗuwa a Amurka ta hanyar duba abin da mutane ke nema a intanet. Tunanin yana da kyau ƙwarai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana tattara rahoto daga likitoci kan yawan masu zuwa da alamun mura, amma rahoton yakan makara da mako ɗaya zuwa biyu. Shi kuwa wanda jikinsa ya yi zafi, a daren zai ɗauki waya ko kwamfuta ya nemi magani. Idan aka ƙirga irin wannan neman, ana iya sanin halin da ake ciki cikin kwana ɗaya.

Ga yadda suka yi, kamar yadda Jeremy Ginsberg da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Nature a 2009. Sun ɗauki kalmomin nema miliyan 50 waɗanda aka fi rubutawa, suka gwada kowacce da alƙaluman CDC na shekarun da suka fara daga 2003, don ganin wacce ke hawa idan mura ta hau, ta sauka idan ta sauka. Daga ciki suka tsaya kan guda 45. A ma'aunin da lamba 1 ke nufin cikakkiyar dacewa, shirin ya samu kusan 0.90 a bayanan horo. Da aka gwada shi da lokacin sanyin 2007 zuwa 2008, wanda bai gani ba lokacin horo, sai ya samu kusan 0.97. Duniya ta yi ta tafi.

Amma dubi ma'aunin da kyau. Alƙaluman CDC da aka yi horon da su guda 1,152 ne: yankuna tara, kowanne mako 128. Kalmomi miliyan 50 suna takarar dacewa da ɗigo dubu ɗaya da 'yan kai. Don a ji nauyin wannan, ɗauki misalin jefa kwabo. Idan kana da tarihin mako goma na farashi, kowane mako ko ya hau ko ya sauka, hanyoyin da abin zai iya jeruwa guda 1,024 ne. Ka tara mutum 1,024, kowa ya jefa kwabo sau goma yana canka, akwai kyakkyawar dama a samu wanda ya ci goman duka. Za a ce masa gwani, har a fara bin sa ana neman sa'a. A mako na sha ɗaya kuwa, shi da kowa ɗaya ne, rabi da rabi. Idan 'yan takara suka yi yawa, dole a samu wanda ya dace bisa katari.

Haka aka samu a Google. Cikin kalmomin da suka dace sosai da mura har da masu alaƙa da gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare. Me ya haɗa ƙwallon kwando da mura? Babu, illa dai a Amurka duka biyun a lokacin hunturu suke tashe. Masu shirin sun lura da irin waɗannan, ba su shiga cikin 45 ɗin ba. Sai dai wannan kansa gargaɗi ne. Idan hanyar zaɓen tana iya ɗauko ƙwallon kwando, to su ma waɗanda suka yi kama da maganar rashin lafiya, wa ya tabbatar mura suke bi ba sanyi ba?

Amsar ta zo da wuri. A watan Afrilun 2009 murar aladu, H1N1, ta ɓulla bayan hunturu ya riga ya wuce. Shirin bai ga tashinta na farko yadda ya kamata ba, ya faɗi adadi ƙasa da gaskiya, dole aka sake masa horo a shekarar. David Lazer da abokansa, waɗanda suka yi nazarin lamarin a mujallar Science a 2014, sun kwatanta shirin na farko da abin da rabinsa mura yake ganowa, rabinsa kuma lokacin sanyi.

A nan ne darasin da ya fi muhimmanci a gare ni yake, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Mutanen Google ba su yi sakacin yaronmu na biyu ba, sun ware bayanan gwaji, kuma shirin ya ci. To me ya sa gwajin bai tona asirin ba? Saboda shekarar da aka yi gwajin da ita irin shekarun horon ce, murar ta zo a lokacin sanyi kamar kullum. Mai gano sanyi da mai gano mura amsa ɗaya za su bayar a irin wannan shekara. Sai ranar da mura ta zo ba tare da sanyi ba sannan aka san wanda ake da shi. Gwaji yana kare ka ne kawai daga irin bambancin da ke cikinsa.

Labarin bai ƙare nan ba. A hunturun 2012 zuwa 2013 shirin ya yi kuskure ta ɗaya gefen, ya ce masu zuwa asibiti da alamun mura sun kai kusan kashi 11 cikin 100, alhali na CDC bai wuce kusan kashi 6 ba. Lazer da abokansa sun ƙirga cewa daga Agustan 2011, cikin mako 108 shirin ya zarce gaskiya a mako 100. Sun kuma nuna cewa idan ka ɗauki tsofaffin alƙaluman CDC na makonnin da suka gabata ka yi hasashe mai sauƙi da su, za ka fi shirin kusantar gaskiya. A 2015 Google ya daina wallafa hasashen. Adalci dai shi ne a faɗa cewa wannan kuskure na biyu ba haddar aku kaɗai ba ce. Kafafen yaɗa labarai sun yi ta kururuta murar a lokacin, masu lafiya ma suka shiga nema, sannan shi kansa injin neman yana ta canzawa, yana ba mutane shawarar kalmomin da za su rubuta. Ƙasar da aka yi gini a kanta ce ta motsa. Amma tushen ɗaya ne: shirin ya jingina da alaƙar da ta yi aiki a baya ba tare da an san dalilinta ba.

To yaya masu aikin ke gane cutar tun kafin ta yi ɓarna? Hanyar farko ita ce a raba bayanai tun kafin a fara. Yawanci akan ba na'ura kashi 80 ta yi horo, a kulle kashi 20 a ajiye. Yayin da horo ke tafiya, ana duba kuskure iri biyu. Kuskuren da take yi a bayanan horo kullum raguwa yake yi, wannan ba abin murna ba ne. Kuskuren da take yi a bayanan da aka ɓoye shi ma yakan fara da raguwa, sai ya kai wani wuri ya tsaya, sannan ya juya ya fara hawa. Daidai wannan juyin ne na'ura ta gama kwasar tsaba ta shiga haddar ƙaiƙayi, kuma a nan gwanaye ke tsayar da horon. Idan ka ga kashi 99 a horo amma kashi 70 a gwaji, tazarar nan ita ce girman haddar, kuma 70 ɗin ne ya fi kusa da abin da za ka gani a aikace.

Sai dai shi ma gwajin ana lalata shi, sau da yawa ba da gangan ba. Wani zai gwada, ya ga bai yi kyau ba, ya gyara, ya sake gwadawa da bayanan nan dai, har sau hamsin. A ƙarshe bayanan gwajin sun zama na horo ta bayan gida, kamar ɗalibin da ya yi ta maimaita takardar JAMB ta shekara ɗaya har ya san amsar lamba 17 ba tare da ya karanta tambayar ba. Shi ya sa masu taka-tsantsan ke raba bayanan gida uku, na ukun ba a taɓa shi sai sau ɗaya a ƙarshe. Wata ɓarakar kuma ita ce a cakuɗa kwanaki. Idan abin da ake hasashe yana tafiya da lokaci, kamar farashi, bai halatta a yi horo da Litinin da Laraba sannan a gwada da Talatar da ke tsakaninsu ba, domin na'urar ta riga ta leƙa gaba. Dole a yi horo da shekarun baya, a gwada da waɗanda suka biyo bayansu.

Maganin kuwa ba boyayye ba ne. A ƙara bayanai, musamman masu bambanci: da dillalinmu ya kawo kwana 500 maimakon biyar, da damina da rani da lokacin biki duk a ciki, maɓalli biyar ba za su iya bin ruwan saman kowace rana ba, dole su koma kan babban abin. A rage maɓallai idan bayanan kaɗan ne. Ko kuma a sa wa na'urar tara, wato duk lokacin da ta murɗa wani maɓalli da ƙarfi sai a ƙara mata maki na laifi, ta yadda ba za ta lanƙwasa ba sai idan ribar ta fi tarar. Amma kada a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Ƙa'idar da ta ce kullum kwando dubu 42 ne, tunda shi ne matsakaicin kwanakin biyar, ba ta haddace komai ba, kuma ba ta koyi komai ba.

Idan aka zo wa ƙungiyarku ko shagonka da irin wannan manhaja, ba sai ka iya lissafi ba kafin ka auna ta. Ka tambayi mai ita: kashi 99 ɗin nan, a kan bayanan da ta gani ne ko waɗanda ba ta gani ba? Sau nawa kuka gyara ta kuka sake gwadawa kafin wannan adadi ya fito? A shekarun da kuka gwada, akwai lokacin da abubuwa suka birkice, kamar ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ko cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, ko kuwa duk shekarun lafiya ne? Sannan ka nemi a kwatanta ta da hasashe mafi arha, wato a ce farashin gobe shi ne na yau. Manhajoji da yawa masu tsada ba sa iya doke wannan.

Gwajin da ya fi kowanne kuwa kai ne za ka yi shi, kuma littafi da biro kawai yake buƙata. Ka ce ya ba ka hasashen mako mai zuwa yau, a rubuce, da kwanan wata. Ka ajiye, idan makon ya zo ka rubuta abin da ya faru a gefensa. Ku yi haka mako takwas ko goma kafin ka saka ko sisi, kuma ka ƙirga har da makonnin da ta faɗi, ba waɗanda zai so ya nuna maka kaɗai ba.